Tambayoyi da amsoshi kan bariyans na leba da na miks da yil ɗin sayarwa a istandad kostin

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa daga masu shirin jarrabawar ICAN da ACCA da ɗaliban akawu na poli da jami'a, musamman in aka haɗa lissafin leba da na sayarwa a tambaya guda. Misali ɗaya na ɗauka, na wata ƙaramar masana'antar sabulu da na ƙirƙiro, shi za mu bi tun daga farko har ƙarshe don kar alƙaluma su ruɗa mu.

Wai mene ne bariyans ɗin nan, kuma me ya sa ake tsattsaga shi?

Istandad shi ne ma'aunin da kamfani ya yanka wa kansa tun kafin a fara aiki, wato katan ɗaya awa nawa ya kamata ya ci, awa ɗaya nawa za a biya, nawa za a sayar. Bariyans kuma shi ne tazarar da ke tsakanin wannan ma'aunin da abin da ya faru a zahiri, a naira. In tazarar ta ƙara riba sai a sa mata alamar F, in ta rage riba a sa mata A.

Dalilin tsattsagawa kuwa, in ka ce wa mai masana'anta kuɗin leba ya haura da naira 111,000 ba ka gaya masa komai ba, abin da zai tambaye ka shi ne tsadar biya aka yi ko aiki ne bai yi sauri ba. Don haka kowane bariyans abu ɗaya tak yake bari ya motsa, sauran duk a riƙe su a kan istandad. Kusan duk kuskuren da za ka gani a ƙasa daga sakin abu biyu lokaci guda yake zuwa.

Wane misali za mu yi aiki da shi?

Masana'antar tana yin sabulun wanka da sabulun wanki, a katan take sayarwa. Katan ɗin na wanka awa 2 ya kamata ya ci, ana sayar da shi naira 9,000, kuɗin yinsa 6,000, saura 3,000. Na wanki awa 1, ana sayarwa 5,000, kuɗin yinsa 3,500, saura 1,500. Ladan leba a istandad naira 500 ne kowace awa. Bajet ɗin watan ya ce za a yi kuma a sayar da katan 600 na wanka da 400 na wanki, jimla 1,000.

Da wata ya ƙare ga abin da aka tarar. An yi kuma an sayar da katan 550 na wanka da 550 na wanki, jimla 1,100. Na wanka ya tafi a farashinsa, na wanki kuma an yi masa ragi ya koma 4,800. An biya ma'aikata ladan awa 1,800, kuɗin ya kama naira 936,000, amma a cikin awannin nan akwai 60 da ba a yi aikin komai ba don an ɗauke wuta janareto kuma ya ƙi tashi. Kayan haɗi sun tafi daidai da istandad, ba ruwanmu da su. Ka kwafe waɗannan a takarda ka ajiye a gefe, duk amsoshin da ke tafe nan suke dawowa.

Yaya ake fitar da bariyans na ret ɗin leba?

Tambayar da yake amsawa ita ce, awannin da muka biya ɗin nan, nawa ya kamata su ci, nawa kuma suka ci? A lissafin da ke ƙasa SR ladan awa ne a istandad, AR ladan awa na zahiri, AH kuma awannin zahiri.

```
Labour rate variance = (SR − AR) × AH paid
1,800 × 500 = 900,000
900,000 − 936,000 = 36,000 A
```

Awa 1,800 a kan naira 500 ya kamata su tsaya 900,000, sai aka biya 936,000, ke nan 36,000 ta fita fiye da ƙima. In ka raba 936,000 da 1,800 za ka ga kowace awa ta kama naira 520, ƙarin naira 20 sau 1,800 shi ne dai 36,000 ɗin. Amma shawarata kar ka saba da fara raba kuɗin don neman ret na awa, saboda a tambayoyi da yawa ba ya fita cif, sai ka samu wani abu kamar 519.67 ka taƙaita shi, amsarka ta kauce da 'yan ɗaruruwa. Ninka awanni da istandad ka cire daga jimlar da aka biya, shi ke nan.

Abin kula na biyu, awannin da aka biya ake ɗauka a nan, duka 1,800, har da wanda aka zauna babu wuta. Ladan ai an biya shi ko an yi aiki ko ba a yi ba.

To na ifishensi fa, wane awanni zan kwatanta da wane?

Nan ne mafi yawan mutane suke zamewa. Ifishensi yana tambaya ne, kayan da aka yi da gaske awa nawa ya kamata su ci? Ba kayan da aka yi niyyar yi a bajet ba. An yi katan 550 na wanka, awa 2 kowanne, 1,100 ke nan, da 550 na wanki awa ɗai-ɗai, jimla awa 1,650. Wannan shi ne ma'aunin, shi ne SH a lissafin da ke ƙasa.

```
Labour efficiency variance = (SH for actual output − AH) × SR
(1,650 − 1,800) × 500 = 75,000 A
```

Na sha ganin takardar da ɗalibi ya ɗauko awannin bajet, wato 600 sau 2 da 400 sau 1 ya samu 1,600, ya cire daga 1,800 ya rubuta 100,000 A, ya ja layi biyu a ƙasa. Lissafin a tsare yake amma an zalunci ma'aikata, don awa 50 daga cikin wannan tazarar ba jinkirinsu ba ne, kayan da aka yi ne suka bambanta da na bajet. Hanyar gane ka faɗa wannan ramin mai sauƙi ce, duba amsar tambayar tantancewa a gaba kaɗan.

Me ya sa ake ninka ifishensi da 500, alhali 520 aka biya?

Saboda naira 20 ɗin nan ta sama an riga an kama ta a bariyans na ret, duk awa 1,800 an lissafa mata. In ka sake ninka awa 150 da 520 ka samu 78,000, ka ƙirga 3,000 sau biyu ke nan, kuma jimlarka ba za ta taɓa haɗuwa ba. Ga kuma batun adalci, shugaban ma'aikata da ke tsaye a kan injin ba shi yake yanka lada ba, abin da ke hannunsa awanni ne, sai a auna masa awannin da farashin da ba ya motsi.

Tambaya ta ambaci awannin zaman jira, ina zan kai su?

Da zarar an ba ka awannin da aka biya daban da awannin da aka yi aiki daban, to ana so ka raba 75,000 ɗin can gida biyu. An biya 1,800, an yi aiki 1,740.

```
Idle time variance = 60 × 500 = 30,000 A
Efficiency variance = (1,650 − 1,740) × 500 = 45,000 A
```

Ka ga labarin ya canja. Daga cikin 75,000, 30,000 ta wuta ce da janareto, wannan mai kula da injuna za a tambaya ko wanda ya hana kuɗin gyara. 45,000 ne kawai ke nuna cewa lokacin da injin ke juyawa aikin bai yi saurin da aka auna ba. A irin wannan tambayar zaman jira kullum A yake fitowa, sai dai in kamfanin ya riga ya sa wani kaso na jira a cikin istandad ɗinsa, a nan ne kawai zai iya zama F in jiran da aka yi bai kai wanda aka yi tsammani ba.

Ta yaya zan tantance cewa lissafin leba na ya yi daidai kafin in wuce?

Fitar da jimlar ta wata hanya daban. Katan 1,100 ɗin da aka yi ya kamata su ci awa 1,650 a kan 500, wato 825,000. An kashe 936,000. Tazara 111,000 A. Yanzu tara gutsattsarin, 36,000 da 30,000 da 45,000, dole su ba ka 111,000. Wanda ya yi amfani da awannin bajet zai samu 136,000, wanda ya ninka da 520 zai samu 114,000, nan take za su ga akwai matsala. Minti ɗaya wannan yake ci.

Miks na sayarwa me yake aunawa takamaimai?

Bajet ya ce cikin kowane katan goma da za a sayar, shida na wanka ne huɗu na wanki. A zahiri sai aka sayar rabi da rabi. Tunda katan ɗin wanka yana barin 3,000 na wanki kuma 1,500, duk katan ɗin da ya tashi daga ɓangaren wanka ya koma na wanki ya tafi da 1,500. Miks wannan kawai yake aunawa, ba ruwansa da ko jimlar ta ƙaru ko ta ragu.

Matakin da ake yawan tsallakewa shi ne na tsakiya. Ka ɗauki jimlar da aka sayar da gaske, 1,100, ka raba ta yadda bajet ya raba tasa, kashi 60 da kashi 40. Zai ba ka 660 da 440. Da waɗannan za ka kwatanta 550 da 550, ba da 600 da 400 ba. A lissafin da ke ƙasa AQ yawan katan ɗin da aka sayar ne.

```
Sales mix variance = (AQ actual mix − AQ standard mix) × standard margin
(550 − 660) × 3,000 = 330,000 A
(550 − 440) × 1,500 = 165,000 F
Total = 165,000 A
```

Kafin ka ninka da kuɗi ka dubi katan ɗin tukuna, ɗaya ya ragu da 110 ɗaya ya ƙaru da 110. Dole su kashe juna su ba da sifiri ko kaya nawa ne a tambayar, in ba su yi ba to rabon kason ne ya karkace.

Yil na sayarwa kuma fa? Ni a kayan haɗi na san yil.

Gaskiyarka, asalin inda aka fi jin kalmar a kayan haɗi ne, inda ake zuba mai da soda a duba sabulu nawa ya fito. A ɓangaren sayarwa wasu littattafai da malamai suna cewa yil, wasu kuma, har da manhajar ACCA, kwantiti suke cewa. Abu ɗaya ne, kar sunan ya firgita ka. Abin da yake tambaya shi ne, da a ce kason bai canja ba, ƙarin katan 100 da aka sayar nawa zai kawo? BQ a nan yawan katan ɗin bajet ne.

```
Sales quantity (yield) variance = (AQ standard mix − BQ) × standard margin
(660 − 600) × 3,000 = 180,000 F
(440 − 400) × 1,500 = 60,000 F
Total = 240,000 F
```

Akwai gajeriyar hanya. Bajet gaba ɗaya zai bar 2,400,000 a kan katan 1,000, wato matsakaicin katan 2,400 ne. Katan 100 sau 2,400, ga 240,000 nan. Sai dai ka kula, matsakaicin nan ba 3,000 da 1,500 ake tarawa a raba biyu ba, wannan 2,250 zai ba ka kuma kuskure ne, dole a yi la'akari da cewa na wanka ya fi yawa a bajet.

Tantancewa a nan ita ce bariyans na bolum, wato tazarar katan ɗin da aka sayar da na bajet a kowane kaya. Wanka ya gaza bajet da 50, sau 3,000, 150,000 A. Wanki ya haura da 150, sau 1,500, 225,000 F. Saura 75,000 F. In ka cire miks 165,000 daga yil 240,000 shi za ka samu. Wato sashen sayarwa zai zo taro yana murnar ya haura bajet da katan 100, alhali fiye da kashi biyu cikin uku na amfanin ƙarin ya zube ta hanyar miks.

Da riba zan ninka ko da farashin sayarwa?

Ba da farashi ba. In ka sayar da ƙarin katan ai ka kashe kuɗin yin sa, abin da ya rage shi ne naka. Abin da za ka duba a tambayar shi ne wane tsari kamfanin yake bi. In majinal kostin ne, da kwantiribushin na istandad za ka ninka, wato farashi a cire kuɗaɗen da ke hawa da sauka tare da yawan kaya, irin 3,000 da 1,500 ɗinmu. In abzopshin ne, da ribar istandad ta kowane katan, wadda an riga an cire mata kason kuɗin haya da makamantansu. Sannan kar ragin 200 da aka yi wa na wanki ya ja ka ka rubuta 1,300 a wurin 1,500, ragin yana da nasa gidan, bariyans na farashi, 200 sau 550, 110,000 A.

Malaminmu ya samu 66,000 da 99,000 a miks, ni na samu 330,000 da 165,000. Waye ya yi kuskure?

Babu wanda ya yi. Shi ya bi hanyar matsakaici ne, inda ake auna kowane kaya da nisansa daga 2,400. Na wanka ya fi matsakaici da 600, an sayar da shi ƙasa da kasonsa da 110, 66,000 A. Na wanki ya gaza matsakaici da 900, an sayar da shi sama da kasonsa da 110, shi ma 99,000 A. Jimla 165,000 A, daidai da taka.

Ni dai in rahoto zan rubuta wa manaja hanyar malamin na fi so, don hanyar farko tana nuna wanki da alamar F kamar an yi abin kirki, bayan kuwa yawaitarsa ce ta ja matsakaicin ƙasa. A jarrabawa kuma ka bi wadda tambaya ta nema, in ba ta zaɓa ba ka bi wadda hannunka ya saba, kar dai ka gauraya su a tsakiya.

Shin miks mai alamar A kullum yana nufin an yi ɓarna?

A'a, kuma a nan ne leba da sayarwa suke haɗuwa, wanda shi ne dalilin da ya sa ake son cusa su a tambaya guda. Dubi misalinmu da kyau. Katan ɗin wanka yana barin 3,000 amma awa 2 yake ci, wato 1,500 a awa. Na wanki yana barin 1,500 a awa 1. Ashe in da awa za ka auna, kunnen doki suke. To in abin da ya ɗaure masana'antar nan ƙarancin awannin ma'aikata ne, awa biyun da aka ɗauke daga katan ɗaya na wanka ta fitar da katan biyu na wanki, kuɗin da ya shigo bai ragu da ko kwabo ba. Miks zai yi ta nuna A, yil yana nuna F, alhali motsi ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu. Amma in abin da ya ɗaure su yawan katan ɗin da kasuwa za ta ɗauka ne, ko wurin da motar rabo za ta iya lodawa, to 165,000 ɗin asara ce ta gaske.

Haka kuma miks ba ya da ma'ana sosai in kayan ba masu maye gurbin juna ba ne, ko ma'auninsu ya bambanta. Kamfanin da ke sayar da sabulu a katan da man shafawa a jarka, in ka tara su ka ce jimla kaza, lambar ba ta nufin komai. Zai fito a lissafi, amma in an ce ka yi sharhi ka faɗi wannan.

In an ce in bayyana dalilan bariyans ɗin, me zan rubuta?

Kar ka zubo jerin dalilan da ka haddace, ka nemi zaren da ke cikin tambayar. A namu ga yadda zai iya kasancewa. An yi ragin 200 a sabulun wanki, 'yan sari suka ruga kansa, shi ya kawo yil mai kyau, shi kuma ya karkatar da miks. Oda ta yi yawa ga wuta ta cinye awa 60, sai aka sa ma'aikata obataim. In ana biyan obataim lada ɗaya da rabi, ƙarin 250 ke nan a awa, awa 144 kacal sun isa su haifar da 36,000 ɗin ret gaba ɗaya. Mutanen da suka wuni suka kuma kai dare a kan injin hannunsu zai yi sanyi, ga 45,000 na ifishensi. Ka ga shawara ɗaya ta sashen sayarwa ta taɓa bariyans biyar.

A wasu tambayoyin ret da ifishensi kan juya wa juna baya. In aka sa ƙwararru a aikin da aka auna da matsakaitan ma'aikata, ret zai yi A ifishensi ya yi F. In sababbin yara aka ɗauka masu arha, akasin haka. Sai ka haɗa biyun ka ga wanne ya rinjayi wani kafin ka ce shawarar ta biya.

Idan lada ya tashi bayan an riga an yanka istandad fa?

Wannan yana faruwa sosai, ko a 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a tsakiyar shekara, duk wanda ya yanka istandad a Janairu ya tarar ma'auninsa ya tsufa. A irin haka ana raba ret gida biyu, na tsarawa da na gudanarwa. Mu ajiye batun obataim na amsar da ta gabata, mu ce tambaya ta gaya mana ladan da ya dace a watan 530 ne ba 500 ba. Tazarar 30 sau 1,800 ta ba da 54,000 A, wannan na tsarawa ne, ba laifin manajan ma'aikata ba. Sannan 1,800 sau 530 ya kama 954,000, shi kuma 936,000 ya biya, ke nan 18,000 F. Haɗa su ka koma 36,000 A ɗinka. Mutumin da rahoton farko ya nuna ya yi ɓarna ashe ƙasa da kasuwa ya biya.

A ƙarshen tambaya an ce in daidaita bajet da abin da aka samu, ta ina zan fara?

Fara daga 2,400,000 na bajet. Ƙara yil 240,000, cire miks 165,000, ka iso 2,475,000, wanda shi ne abin da katan 550 da 550 za su bari da komai ya tafi a kan istandad. Daga nan cire farashi 110,000, ret 36,000, zaman jira 30,000, ifishensi 45,000. Za ka sauka a 2,254,000.

Sai ka gwada ta ɗaya gefen ba tare da ka kalli bariyans ko ɗaya ba. Ciniki 550 sau 9,000 da 550 sau 4,800 ya kama 7,590,000. Kayan haɗi da sauransu, in ka cire leba daga kuɗin yin kowane katan, 5,000 ne a na wanka 3,000 a na wanki, jimla 4,400,000. Leba 936,000. Abin da ya rage 2,254,000. In naka bai haɗu ba, fara duba girman tazarar, in ta zo daidai ninki biyu na wani bariyans to alamarsa ka juya, ka sa F a wurin A. In 75,000 ce cif, wataƙila ka sa bolum sannan ka sake sa miks da yil a kansa, ko kuma ka bar ifishensi na 75,000 tare da gutsattsarinsa biyu. In 25,000 ce, koma amsar awannin ifishensi, awannin bajet ka ɗauka.